Niƙaƙƙen namana ya yi tsami, tsokar kuma lafiya lau

Maman Husna: Assalamu alaikum ƴan uwa, a taimaka min. Samosa nake yi ta sayarwa tun da maigida ya rasa aiki, dangin miji ma sai surutu suke wai na maida gida kanti. Jiya na sa mahauci ya niƙa min kilo 3, na ƙara da tsoka kilo 1. Duka na sa a firigo. Yau niƙaƙƙen yana tsami yana yauƙi, tsokar ko kamar yanzu aka yanka. Tsohon nama ya cakuɗa min ko?

Hajiya Mai Abinci: Wa alaikumus salam. Ba ki faɗa mana ƙarfe nawa aka niƙa ba, ƙarfe nawa ya shiga firigo?

Maman Husna: Wajen tara aka niƙa. Na tsaya sayen fulawa da mai, na leƙa barka, na iso gida bayan azahar. Amma fa a leda biyu yake, Hajiya.

Hajiya Mai Abinci: To ƴata, bar mahauci ya huta. Ita tsoka, ƙwayoyin cuta a bayanta kawai suke, cikinta tsaf yake. Da ta shiga inji sai a cuɗa na waje da na ciki, kowane ɗan guntu ya samu rabonsa, ga ruwan nama ya fito suna ci, ga ragowar naman da ya maƙale a inji tun safe. A zafin Maradi, da ya wuce digiri 32, awa ɗaya ce iyakarsa a waje. Ke kin ba shi awa biyar, leda kuma zufa take sa shi. Sannan na san dunƙule ɗaya kika cusa, sanyi bai kai tsakiya ba sai dare.

Abdu Direba: Ni dai na daina sayen niƙaƙƙe tun ranar da na ga kitse da jijiya sun fi naman yawa. Kuɗin tsoka fa na biya!

Inna Ta Zinder: Ki wanke da lemun tsami, ki soya da yaji sosai. Wuta ba ta barin cuta. Nawa ma yakan yi toka-toka a ciki, muna ci.

Hajiya Mai Abinci: Toka-toka a ciki rashin iska ne, wannan ba komai. Yauƙi da tsami kuwa sai bola. Wuta na kashe ƙwayoyin, amma wasu sun riga sun zuba dafin da suya ba ta ɓata shi, kuma ƴaƴan mutane za ki sayar wa. Gaba ki sayi nama a ƙarshe, ki wuce gida. Ki raba rabin kilo-rabin kilo, ki baje a leda kaurin yatsa. Firigo kwana ɗaya zuwa biyu, tsoka ce ke kai uku zuwa biyar. Wanda zai daɗe ki daskarar, yana kai wata uku.

Maman Husna: Daskarewa da wace wuta, Hajiya? Jiya ma sau biyu aka ɗauke. Kuma shekarata guda ina yin haka, bai taɓa lalacewa ba. Ni dai gobe zan koma wurinsa da ledar.

Abdu Direba: Ki je da maigida.