Nauyin yarona ya wuce kilo 14 amma maganinsa bai canza ba, ya zan yi?

Salam jama'a, dan Allah masu aikin asibiti ku taimaka min. Ɗan yayata marigayiya ne a hannuna, shekararsa 4, yana shan maganin ƙanjamau, muna wani ƙauye a gefen Ringim. Zuwanmu na ƙarshe asibitin da muke karɓar maganin kilo 13.4 ya yi, aka ba mu na wata uku, DTG mai 10mg ƙwaya biyu da ABC/3TC ƙwaya biyu, ina narkar masa a ruwa kullum da safe.

To jiya na ɗora shi a sikelin asibitin garinmu sai ga 14.6, na sake aunawa ba takalmi haka dai. Kuma nas ɗin da ke ba mu maganin ta taɓa ce min daga kilo 10 zuwa 13.9 ne ake shan biyu, da ya taka 14 sai biyu da rabi, wai in jiki ya ƙaru magani bai ƙaru ba ƙarfinsa a jini raguwa yake har ƙwayar cutar ta daina jinsa. Wallahi abin da ya hana ni barci ke nan.

Saura sati shida ranar komawarmu, in na ƙara rabin da kaina maganin ba zai kai ba kuma tsoro nake ji, ga kuɗin mota. Ana karɓar mutum kafin ranarsa saboda nauyi kawai? Kuma za su yarda da awon wani sikelin ko dole in kai shi su auna da nasu?