Idan baƙo ya ce "ai ɗaki ɗaki ne", me kuke ce masa?

Hajara, Kano: 'Yan uwa masu karɓar baƙi a otal, ku taimaka mini. Wani Alhaji ya kama ƙaramin ɗaki, da ya leƙa mai falo sai ya ce a mayar da shi can. Ina ambaton ƙarin kuɗi ya ɓata rai, wai ai ya riga ya biya. Na rasa bakin magana.

Baba Sale, Kaduna: 'Yata, kada ki fara da kuɗi, fara da abin da zai samu. A wajenmu ƙarami naira 40,000 ne, mai falo 55,000. Nakan ce, "Ranka ya daɗe, wannan yana da falon ganin baƙinka ba sai sun shiga makwancinka ba, ga babban gado, ga firiji, kuma karin kumallon mutum biyu ne." Sannan in faɗi cikon kawai, 15,000, ba 55,000 ba, don kada ya ɗauka sabon biya ne.

Inda ake rigima shi ne haraji da kwanaki. A kan 15,000 ɗin akwai VAT na kashi 7.5, wato 1,125, mu kuma muna ɗora kuɗin hidima kashi 10, wato 1,500. Ya zama 17,625 kowane dare. Mai kwana uku zai cika 52,875. In ba ki faɗi "kowane dare" ba, ranar tafiya zai rantse sau ɗaya kika ce. Ni a takarda nake rubuta masa, ya sa hannu kafin mabuɗi ya bar hannuna.

Auwalu: Ni dai cewa nake gas ya yi tsada, ɗaki mai na'urar sanyi biyu ya fi jan janareta. Suna ganewa.

Baba Sale: Gaskiya ne, amma Auwalu wannan damuwar otal ce. Baƙo abin da zai mora yake son ji.

Maman Ilham, Abuja: Mu rabin kuɗin ɗaki muke karɓa in mutum ya wuce sha biyun rana bai fita ba.

Hajara: Anti, canjin ɗaki nake nufi, ba jinkirin fita ba.

Maman Ilham: Au, to. Abu ɗaya dai: in laifinmu ne, kamar famfo ya lalace ko an ba wani ɗakinsa, ko sisi ba ma karɓa. Kuma ki faɗa masa na wannan zuwan ne kaɗai, don wata baƙuwata ta dawo bayan wata guda tana neman mai falo a kuɗin ƙarami.

Hajara: To tsohon kwastoma fa, in ɗakin yana zaune ba kowa?

Auwalu: A ba shi mana, ya fi ɗakin ya kwana a rufe.

Baba Sale: Ban yarda ba sai da izinin manaja. Wanda ya biya cikon jiya zai ji labari.