Rahoton gwajin magani ya ce likita ma bai san abin da ya bayar ba: in yarda da shi?

Uwar Biyu: Salamu alaikum 'yan uwa. An ɗora mahaifinmu kan maganin rage kitsen jini, atobastatin, yanzu yana kukan ciwon tsoka, yana so ya daina sha. Na samo rahoton wani gwaji da ya ce maganin bai cika jawo wannan ciwo ba, amma an rubuta `double-blind` a kai, wai daga majinyata har likitoci ba wanda ya san wa ke shan na gaskiya. Likitan da bai san abin da ya bayar ba, ta yaya zan yarda da sakamakonsa? Me zan faɗa wa Baba?

Baban Zara: Wa alaikumus salam. Ni fa ban yarda da gwada magani a kan makafi ba, zalunci ne. Ki ajiye takardar nan kawai.

Ɗan Makaranta: Baban Zara, ba makafi ake nufi ba, ɓoyewa ake nufi. Yaya, dalilin ɗaya ne: idan mutum ya san an ba shi magani, ko garin banza ne sai ya ji sauƙi. Shi ya sa ake ɓoye masa. Likitan kuma ana ɓoye masa ne don kada bakinsa ya suɓuce ya faɗa.

Anti Mai Haɗa Magani: Ƙanena, ka faɗi rabi. Na yi aikin shirya ƙwayoyin gwaji, bari in faɗi yadda abin yake. Kwamfuta ce ke jefa ƙuri'a ta raba mutane gida biyu. Kowa da lambar kwalbarsa, ƙwayoyin kuma iri ɗaya a launi da girma da nauyi, har ɗanɗano ana ƙoƙarin daidaitawa. Takardar da ke cewa lamba kaza magani ce, lamba kaza holoƙo ce, wato ƙwayar da babu magani a cikinta, tana hannun wasu da ba sa duba majinyata. Don haka ba a ce ba wanda ya sani ba. Idan majinyaci ya shiga halin gaggawa, akwai hanyar buɗe lambarsa nan take, kuma a manyan gwaje-gwaje akwai kwamiti mai zaman kansa da ke duba sakamako yayin da ake tafiya, yana iya ba da shawarar a tsayar. Shi ma majinyacin an gaya masa tun farko cewa zai iya faɗawa kowane ɓangare, da saninsa ya sa hannu.

Amma batun suɓutar baki ƙarami ne. Babbar matsalar ita ce likitan shi ne ma'auni. Shi ke tambaya, shi ke yanke cewa wannan ciwon ya isa a rubuta ko bai isa ba, shi ke ƙara wani magani ko ya cire mutum daga gwaji. An taɓa gwada hakan a Kanada, a binciken wata cutar jijiyoyi da ake kira MS, aka wallafa a 1994. Kowane majinyaci likitoci biyu ke duba shi, ɗaya ya san abin da ake ba shi, ɗaya bai sani ba. Waɗanda suka sani sai suka ga alamar ɗaya daga cikin hanyoyin jinyar tana aiki, waɗanda ba su sani ba kuwa ba su ga bambanci ba. Majinyata ɗaya, lokaci ɗaya. Ba wanda ya yi ƙarya, fatan alheri ne ya karkatar da ido.

Uwar Biyu: Na gane wannan, Anti. Amma ai Baba ba sauƙi ya ji ba, ciwo ya ji.

Anti Mai Haɗa Magani: Sani yana aiki ta ɓangarorin biyu, ƙanwata. Kamar yadda sa rai ke kawo sauƙi, haka fargaba ke kawo ciwo, kuma a kan wannan maganin aka fi nuna shi. Akwai gwajin ASCOT, mutum wajen 10,000, atobastatin miligiram 10 ko ƙwayar holoƙo. Lokacin da ba wanda ya san me yake sha, masu kukan tsoka kusan 2 ne cikin 100 a shekara, a kowane ɓangare. Da aka buɗe, kowa ya san abin da yake sha, sai masu shan maganin suka fi marasa sha kawo kuka.

Wanda ya fi burge ni ƙarami ne, SAMSON, a 2020. Mutum 60 ne, dukansu sun riga sun daina shan irin wannan magani saboda ya dame su. Aka ba kowa kwalabe 12, wata ɗaya kwalba ɗaya: huɗu da magani, huɗu da holoƙo, huɗu babu komai a ciki. Kullum mutum ya sa wa ciwonsa maki daga 0 zuwa 100 a waya. Watannin da babu ƙwaya matsakaicin maki 8 ne, na holoƙo kusan 15, na magani kusan 16. Wato ciwon na gaske ne, ya ninka da zarar an haɗiyi ƙwaya, amma kusan duk ƙarin ya zo ko da ƙwayar babu magani a ciki. Da ba a ɓoye ba, da maganin za a ɗora wa laifin duka.

Malam Mai Ritaya: Hajiya, da girmamawa, ni na sha shi, cinyoyina suka yi nauyi har hawa bene ya gagare ni. Aka canza min wani iri, na warke. Kar a ce min tunani ne.

Anti Mai Haɗa Magani: Ban ce ba, Malam. Rahoto yana maganar taron mutane ne, ba ya rantsuwa a kan mutum ɗaya. Akwai ƙalilan da maganin ke taɓa wa tsoka da gaske. Sai dai ku ma kun san an canza muku, don haka daga labarinku kaɗai ba za a iya rabewa ba.

Malam Mai Ritaya: To, ni dai jikina na sani.

Mai Shakka: Ina da ja a wuri biyu. Kashi na biyu na ASCOT, wato bayan an buɗe, ba ƙuri'a aka jefa ba, mutane da likitocinsu ne suka zaɓa, don haka bai kai na farko ƙarfi ba. Sannan rubuta `double-blind` a saman rahoto ba ya nufin ɓoyewar ta riƙe. A 1975 an wallafa gwajin bitamin C kan mura da aka yi da ma'aikatan cibiyar binciken lafiya ta Amurka, wasu suka buɗe ƙwayoyin suka ɗanɗana, suka gane mai tsamin ce ta gaskiya. Haka maganin da ke busar da baki ko sa barci, da kansa yake tona kansa. Uwar Biyu, ki duba sashen da ya bayyana yadda aka yi aikin: wa da wa aka ɓoye wa, shin har da mai auna sakamako, kuma ƙwayoyin sun yi kama?

Ɗan Makaranta: Kenan gwajin da ba a ɓoye ba shara ne?

Mai Shakka: A'a, ya danganta da abin da ake aunawa. Gwajin RECOVERY da ya nuna desametason na rage mace-macen masu korona da ke kan iskar oksijin a 2020 a buɗe aka yi shi, kuma an karɓa, domin mutuwa ba ta buƙatar ra'ayin likita. Ciwo, gajiya, barci, damuwa, su ne sani ke lanƙwasawa. Kukan tsoka yana cikinsu.

Anti Mai Haɗa Magani: Na yarda da duka biyun. Uwar Biyu, kada ki kai wa Baba takarda ki ce masa ciwonsa ba komai ba ne, kuma kada ya daina da kansa. Ku koma wurin likitansa, ku faɗi lokacin da ciwon ya fara da duk sauran magungunan da yake sha, don wasu na ƙara yawan wannan a jini. Zai iya yin gwajin jini na CK, mai nuna ko tsoka ta samu rauni, ya dakatar na ɗan lokaci sannan a sake gwadawa, ko ya rage, ko ya canza iri. Idan kuwa ciwon ya tsananta, ga rashin ƙarfi, ko fitsari ya koma baƙi-baƙi, wannan asibiti ne a ranar.

Uwar Biyu: Na gode ƙwarai. Fitsarin lafiya lau, amma yana shan wani maganin hawan jini, zan haɗa kwalayen duka mu tafi da su.