Wai oppa ɗin nan yayanta ne ko saurayinta?

Auta: Salam jama'a, don Allah a taimaka min. Na fara kallon fim ɗin Koriya, yarinyar tana ta cewa wani oppa, na ɗauka sunansa kenan, sai ga shi ta kira wani daban da oppa, kuma masu fassarar sun bar shi haka a rubutun ƙasa. Ƙyuya ce ko me?

Uwar Biyu: Hhh ƙanwata oppa ai masoyi ne, kamar ki ce rabin raina.

Ɗan Fassara: Hajiya kin taɓo gefe ɗaya ne kawai. Asalinsa abin da mace ke kiran yayanta namiji ne, daga nan ya bazu har kan duk namijin da ya ɗan girme ta kuma suka saba, saurayi ma ya shigo ciki. Mu yaya ɗaya muke da shi ya ishi kowa, su kuwa sai an duba bakin wa ya fito. Mace ta ce wa babbarta mace unni, namiji ya ce wa babbansa hyung, in mace ce ta girme shi ya ce noona. Shi ya sa in kin ji hyung ko fuska ba ki gani ba kin san namiji ne ke magana. Turanci ba shi da kalma ɗaya da za ta ɗauki wannan, ga rubutun ƙasa layi biyu ne na ɗan daƙiƙu, babu filin bayani, to masu fassara irin na Viki, manhajar kallon finafinan Asiya, sai su bar kalmar mai kallo ya saba da ita.

Uwar Biyu: Af, ashe dai irin Yayan littattafanmu ne, amarya na ce wa mijinta Yaya.

Ɗan Fassara: Shi fa. Kuma ki duba abin da ke faruwa in an cire. A fim ɗin Koriya mai suna Squid Game na 2021, Ali ɗan Pakistan yana kiran Sang-woo sajangnim, wato oga ko maigida, sai Sang-woo ya ce masa ka kira ni hyung. A fassarar Turanci ta Netflix sai aka mayar da shi ka kira ni da sunana. Ma'anar ta juye, don ɗan Koriya ba ya barin ƙaraminsa ya kira sunansa gatsal, cewa ya yi na zama yayanka. Da Sang-woo ya zo ya cuce shi a wasan 'yan ƙwallayen gilashi na cikin fim ɗin, Ali na yawo yana kwala hyung, mai jin yaren ya san amanar ɗan'uwa aka ci, ni wallahi wurin nan sai da na tsayar da fim ɗin.

Mai Shago: Ni dai ban yarda ba, in an biya ka fassara ka fassara. Mamanmu ta zauna kallo da mu har aka gama tana tambaya wai Unni ɗin nan su nawa ne a fim ɗin.

Auta: To mai fassarar Hausa ya sa yaya kawai mana?

Ɗan Fassara: Sau tari zai zauna daram, ya ma fi Turanci. Amma ranar da yarinya ta daina ce wa mutum sunbae, wato na gaba da ita a makaranta ko wurin aiki, ta koma oppa, in tun farko yaya kika sa wa duka biyun me za ki rubuta a nan?