Me za mu kira ∂f/∂x da Hausa?

Malama Bilkisu, Jidda: 'Yan'uwa, littattafan lissafi na Larabci suna kiran ∂f/∂x da ∂f/∂y "mushtakka juz'iyya". In na ce wa ɗalibai "ɓangaren mushtakka", sai su zaci guntun wani abu ne da aka gutsuro. Ina neman kalmar da za ta nuna musu hawa da sauka.

Sani, Madina: A sarafu mushtakki kalma ce da aka ciro daga masdari. Me zai hana a ce "tsatson ɓangare"?

Malam Habu, Makka: Sani, wannan ya fassara Larabcin, amma bai nuna aikin ba. Ɗauki f a matsayin tsayin dutse, x gabas, y arewa. Kana tsaye a jikinsa, ka yi taku gabas tsantsa ba ka gusa arewa ko kaɗan ba: yawan hawan da ka yi a kowane taku shi ne ∂f/∂x. Misali f = x²y + 3y a wurin (2, 1), tsayi 7. Ka daskarar da y, ∂f/∂x = 2xy = 4. Gwada: matsa x zuwa 2.1, tsayi ya zama 7.41, ƙarin 0.41 a tafiyar 0.1, wato 4.1. Rage takun, zai ƙara kusantar 4. In ka daskarar da x kuwa, ∂f/∂y = x² + 3 = 7. Shi ya sa na fi son "gangaren fuska guda".

Bilkisu: Malam, nan ma suke tuntuɓe. A ∂f/∂x suna barin 3y ko su rubuta 3, alhali wanda ya nufi gabas 3y ba ya motsi a wurinsa, sifiri yake bayarwa.

Sani: To ashe wanda ya nufi arewa maso gabas gangarensa 4 + 7 = 11 ke nan.

Malam Habu: Ka kusa. Taku ɗaya gabas da ɗaya arewa ya kai ka nisan √2, ba 1 ba, don haka 11/√2 ne, kusan 7.8. Kana iya gane kuskuren da kanka: hawa mafi tsanani a wurin √(16 + 49) ne, kusan 8.06, ba wata fuskar da za ta wuce shi. Wannan haɗin ma sai inda jikin dutsen yake sumul, ba tsagewa ba karyewa.

Hajiya Rabi, Ɗa'if: Ni "gangare" ne bai kwanta mini ba. Kowa ya ji shi sauka zai kawo a ransa, ga shi 4 da 7 hawa ne. "Karkata" ba ta zaɓi sama ko ƙasa ba: karkatar x, karkatar y.

Bilkisu: Gaskiyarki Hajiya, sai dai karkata tana iya kawo musu kusurwa, su nemi digiri. Zan gwada su biyun a aji ranar Lahadi.