Takarda ta ce 24, ƙanena ya ce 27

Sakataren ƙungiya: Salamu alaikum jama'a. Mu manoman shinkafa ne a wajen Auyo. Bara ruwa ya ci mana gona, shugabanmu ba lafiya, komai ya dawo kaina. Na karɓo mana bashin naira 500,000 a wani ƙaramin banki, kashi 24 cikin ɗari a shekara. Na ce wa mutane ruwan 120,000 ne. Ƙanena ya latsa waya ya ce 27.12, wai ruwan hawa yake kowane daƙiƙa. Ma'aikacin bankin ya ce 26.82. Yanzu ana yi min kallon na ci wani abu. Wanne ne gaskiya?

Malamin Lissafi: Malam Sakatare, kwantar da hankalinka, 24 ɗin nan ɗaya ce, yadda ake ɗora ruwan ne ya bambanta. Idan wata-wata ne, kashi 2 ake ɗorawa kan uwar kuɗi, wata mai zuwa shi ma ruwan ya haifi nasa. A kalkuleta `1.02^12` zai ba ka 1.2682, wato 26.82. Kuɗinku ya zama 634,121. Ƙanenka kuwa ya yi lissafin ɗorawa ba tsayawa, `e^0.24`, inda `e` lamba ce ta lissafi mai kusan 2.718, ya sami 1.2712, wato 635,625. Tsakaninsu naira 1,504 kacal a shekara guda.

Baban Ummi: Kai Malam, abin da ke hawa kowane daƙiƙa ai ba shi da iyaka. Haka suka yi wa yayana har ya sayar da injin ban-ruwa.

Malamin Lissafi: Yana da iyaka, Alhaji. Duk yawan ɗorawar, abin da ake ɗorawa ƙanƙancewa yake yi. Ko kullum za a ɗora, 27.11 ne, kuma 27.12 ita ce ƙololuwa. Sai ruwan ya yi tsada ratar take buɗewa: a kashi 60, wata-wata 79.59 ne, ɗayan 82.21. Yayanka tara ce ta cinye shi, ina kyautata zato.

Maman Hanif: Ni dai duk riba ce. Me ya hana ku zuwa bankin da ba ruwa?

Sakataren ƙungiya: Hajiya, lokacin shuka ba ya jira, kuma da yardar kowa na sa hannu. To ni 120,000 ɗina ba daidai ba ce kenan?

Malamin Lissafi: Ai ba ka gaya mana yadda kuke biya ba. In kuna kai 10,000 duk wata, ruwan bai taru ba balle ya haihu, jimilla 120,000 ce. In sai bayan shekara za ku biya gaba ɗaya, 134,121 ne. Duba takardar.

Baban Ummi: Ka duba kuɗin fom da na inshora ma, nan suke yanka mutum.

Sakataren ƙungiya: Takardar tana gidan shugaba, shi kuma yana asibiti a Haɗeja. Ni dai abin da aka faɗa min na faɗa.