Gida biyu sun ƙi rufuwa a allon ces, ranar Litinin zan fuskanci ɗalibai

Maman Husna: Salamu alaikum jama'a, a taimaka min, kunya na shirin kama ni. Ni lissafi nake koyarwa, ajin ma ba nawa ba ne, riƙon ƙwarya nake yi wa wata da ta tafi haihuwa, kuma yaran tun farko raina ni suka yi. Don in burge su na ba su wannan: allon ces mai gida 64, a cire kusurwa biyu, saura 62, a rufe shi da domino 31, kowanne na cin gida biyu. Na ce musu abu ne mai sauƙi. Kwana uku ke nan ina yanka takarda ina jerawa, kullum sai na sa 30, gida biyu su rage nesa da juna. Ina nake kuskure?

Sadiku: Malama ai 62 cika ce, ba mara ba, ta rabu biyu daidai. Dole ya yiwu. Ki fara daga gefe, ki bar tsakiya sai ƙarshe.

Anti Bilki: Ni na gwada yanzu, ya rufu tsaf. Na cire kusurwoyin sama biyu, gida shida da suka rage a layin na sa domino uku, sauran layuka bakwai huɗu-huɗu. 31 ke nan.

Maman Husna: Afuwan Anti, ban faɗa ba. Ta sama hagu da ta ƙasa dama ce.

Malam Ɗanjuma: To ki ajiye almakashi, ko shekara za ki yi ba zai rufu ba. Dubi launin allon. Duk inda kika kwantar da domino, tsaye ko kwance, gida biyu maƙwabta yake ci, maƙwabta kuwa ɗaya fari ne ɗaya baƙi. Ashe domino 31 sai sun ci fari 31 da baƙi 31. Kusurwoyin da kika cire launinsu ɗaya, don kan layin karkace ɗaya suke. In baƙaƙe ne, saura baƙi 30, fari 32. Bambancin nan na biyu ba ya motsi, domin kowane domino ɗai-ɗai yake ragewa a ɓangarorin. Koma ki duba gida biyun da ke rage miki, wallahi launinsu ɗaya. Sadiku, zaman 62 cika sharaɗi ne kawai, bai wadatar ba. Tsohuwar tambaya ce, wani masanin falsafa, Max Black, ya kawo ta tun 1946.

Maman Husna: Na gode Malam, amma nawa allon ba shi da launi, a farar takarda na zana. Kuma ina ganin ban ƙure hanyoyin ba tukuna.

Malam Ɗanjuma: Launi ba a fenti yake ba, Malama. Sa wa layukan kwance lamba 1 zuwa 8, na tsaye ma haka, ki tara lambobin kowane gida. Kusurwar farko 1 da 1, biyu ke nan. Ta ƙarshe 8 da 8, sha shida. Duk cika. Taku ɗaya zuwa maƙwabci yana ƙara ɗaya ko ya rage ɗaya, don haka domino cika ɗaya mara ɗaya yake rufewa. Kin cire cika biyu. Maganar ba ta canja ba.

Abban Walid: Irin wannan ce ta sa na tsani lissafi. Wani malaminmu ya ba mu tambaya, na rubuta "ba zai yiwu ba", gaskiyata ce kuma, ya zabga min sifili wai babu hujja. Har yau abin na ci min rai.

Sadiku: Na karɓa. Ke nan ƙa'idar ita ce in fari da baƙi sun yi daidai, zai rufu.

Malam Ɗanjuma: Rabi ka kamo. In fari ɗaya da baƙi ɗaya aka cire, ko'ina suke, zai rufu, wani masanin lissafi, Ralph Gomory, ya nuna haka. Ana zana hanya guda da ta ratsa gidaje 64 ta dawo inda ta faro, launi na sauyawa a kowane taku. Cire biyun nan yana tsinka ta, kowane tsinke tsawonsa cika ne, sai a bi shi da domino. Amma cire huɗu ka gani: fararen nan biyu da ke jikin baƙar kusurwa, da wasu baƙaƙe biyu a tsakiya. Saura 30 da 30, amma kusurwar ta zama marainiya, ba wanda za su haɗa domino. Ƙirgen launi yana iya cewa a'a, shi kaɗai ba ya cewa e.

Anti Bilki: Ki ce wa yaran da gangan kika yi, gwada su kike yi.

Abban Walid: A'a Anti, yara ba sa mantuwa. Ta ce ta yi kuskure kawai.

Maman Husna: Ni fa ban ce musu zai yiwu ba, cewa na yi da sauƙi. Na duba takardun jiya, biyun da suka rage mara ne duka. Amma na shekaranjiya na zubar, bari in sake gwada ɗaya da daddare.